Yadda ake gyara tsohon hoton kaka da ya koɗe, ba tare da an goge masa kamanni ba

Tun bayan ambaliyar da ta auka wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, da yawa daga cikinmu da ke zaune Legas, Ibadan ko Fatakwal mun sha ganin 'yan uwa na turo tsoffin hotunan da suka tsira, suna tambaya ko akwai mai iya gyarawa. Unguwanni irin su Galtimari, Fori da Gwange suna cikin waɗanda ruwan ya shiga. A gidaje da dama, hoton da aka tsamo shi kaɗai ne shaidar fuskar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya.

Gidan su mahaifiyata a Galtimari yake. Hoton mahaifinta, Allah ya jiƙansa, guda ɗaya ne tak: baƙi da fari, inci uku da rabi a faɗi, biyar a tsawo, yana sanye da babbar riga da hula zanna. Ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ga tabon ruwa mai rawaya a kafaɗa, ga ƙarzuna biyu sun ratsa fuska. Da shi zan yi misali, mataki bayan mataki.

Gyara daga wajen sikanin yake farawa

Abin da na'ura ba ta ɗauko ba, babu gwanin da zai fito da shi daga baya. Saboda haka idan za ku aiki yaro shagon kwamfuta da hoton, ku rubuta masa abu uku a takarda. Na farko, a sa `600 dpi`. Na biyu, a zaɓi `Color` ko da hoton baƙi da fari ne, dalilin yana tafe. Na uku, a adana shi a `TIFF` ko `PNG`, kuma a kashe duk wani gyara da na'urar ke yi da kanta.

Lissafin ba wuya. Hoto mai inci 3.5 da 5, idan aka ɗauke shi a 600, zai ba da ɗigo 2100 a faɗi, 3000 a tsawo. Masu wanke hoto suna son kamar ɗigo 300 a kowane inci, ke nan za ka iya fitar da shi inci 7 da 10, ninki biyu na asali, fuska ba ta watse ba. In aka ɗauka a 200, ƙarzunar da zaren hular duk sai su cakuɗe, ka kasa bambancewa.

Kada a goge fuskar hoton da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. Hoton kwance yake cikin wani siririn danƙo a saman takardar, kuma wanda ya taɓa shan ruwan ambaliya danƙonsa ya riga ya yi rauni, ana shafawa sai fuskar ta biyo tsumman. A kaɗe ƙura da buroshi mai laushi kawai. In ya manne da gilashin firam, a bar shi, a ɗauke shi tare da gilashin. Wajen turowa kuma, a `WhatsApp` a zaɓi `Document`, domin in aka turo shi ta hanyar hoto da aka saba, manhajar matse shi take yi, ta zubar da ƙananan abubuwan da muke nema.

Tabon rawaya

Ni da `GIMP` nake aiki, manhajar kwamfuta ce ta kyauta. Kafin komai, ka kwafi fayil ɗin da aka turo, ka ajiye na asalin gefe, kada ka taɓa shi har abada.

Tsohon hoton baƙi da fari da ƙananan ƙwayoyin azurfa aka yi shi. Zafi da laima da ragowar sinadarin wanki da ba a ɗauraye sosai ba, su ne ke cin azurfar nan a hankali, baƙi ya koma ruwan ƙasa, takarda ta yi rawaya. Duk wanda ya san zafin Maiduguri a watan Afrilu ya san abin da hoto ke sha a cikin akwatin ƙarfe.

Ga amfanin ɗaukarsa da launi. Hoto mai launi a kwamfuta kashi uku ne aka ɗora kan juna: ja, kore, shuɗi. Abu mai rawaya yana shanye shuɗin haske, ya mayar da ja. Don haka tabon rawaya baƙi ƙirin yake fitowa a kason shuɗi, a kason ja kuwa da kyar ake ganinsa. Ka shiga `Colors > Components > Decompose`, ka bar shi a `RGB`. Zai buɗe maka falle uku, `red`, `green`, `blue`, kowanne baƙi da fari. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya. A namu, tabon kafaɗar ya kusa ɓacewa a `red`, sai na ɗauki wannan fallen na ci gaba da shi. Amma fa ba kullum ba ne. In hoton kansa ya koɗe ƙwarai ya yi rawaya, fuskar ma za ta dusashe a `red` tare da tabon, sai `green` ya fi. Ido ne alƙali: wanda ya rage tabo amma ya bar idanu da aikin riga, shi ne naka.

Dawo da baƙi da fari

A kwamfuta haske yana da matakai daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Hoton da ya koɗe ya taru ne a tsakiya, ba baƙi na gaske ba fari na gaske. Ka fara yanke farin bakin takardar don kada ya ruɗe ka, sannan ka buɗe `Colors > Levels`. Za ka ga wani zane kamar tudu. A namu tudun ya fara daga wajen 62 ya ƙare wajen 198. A ƙarƙashinsa akwai 'yan kibiyoyi uku. Na jawo ta hagu zuwa 58, ta dama zuwa 202, wato kowacce ta tsaya gab da gindin tudun, ba ta hau ba. Ta tsakiya na ɗaga ta kaɗan zuwa 1.10 don fuska ta ɗan buɗe.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri: dubi farar riga. In aikin da ke gabanta ya ɓace ta koma kamar farar takarda, kibiyar dama ta shigo da yawa. In gemu da inuwar wuya suka haɗe suka zama dunƙule ɗaya, ta hagu ce. Masu shago da yawa suna son hasken da ke mayar da baƙin dattijo fari sol. Wannan ba gyara ba ne, canza mutum ne.

Ƙarzuna ko zanen gado?

Nan ne wurin da ya fi haɗari ga hotunan mutanenmu. Kakana Babarbare ne, yana da zanen fuska, layuka da suka sauko a kumatu. Mai gyaran da bai san wannan ba, ƙarzuna zai gani ya share su tas. Haka ma mai bille ko shasshawa zai iya rasa nasa. Ga yadda nake rarrabewa bayan na zuƙo hoton zuwa `200%`.

Ƙarzuna yawanci fara ce fat, domin ta kankare danƙon har ta kai takarda, bakinta kuma kaifi gare shi. Zane kuwa laushinsa ɗaya da sauran fuskar, tunda kyamara ce ta ɗauke shi. Ƙarzuna ba ruwanta da inda fuska ta ƙare, tana iya tasowa daga hula ta ratsa kunci ta faɗa bango. Zane yana bin lanƙwasar kunci, ya tsaya inda fata ta tsaya, kuma galibi yana da ɗan uwa a ɗaya kuncin.

A namu, ƙarzuna ɗaya ta kwanta kusa da zanen kuncin hagu, kusan a jere. Sai na tura wa Inna, yayar mahaifiyata, na tambaye ta. Ta ce, "Ɗan nan, na Baba ba su kai haɓa ba. Wancan dogon da ya sauko har wuyan riga ba nasa ba ne." Magana ta ƙare. In akwai babba a raye da ya san mamacin, a tambaye shi kafin a goge ko layi ɗaya a fuska.

Goge ƙarzunar

Ka ninka fallen da `Layer > Duplicate Layer`, ka yi aiki a na sama. Danna `H` don kayan aikin `Heal`. Ƙarzunarmu faɗinta kamar ɗigo 6 ne, sai na sa girman buroshi 10, ya ɗan fi ta kaɗan. Ka riƙe `Ctrl` ka danna lafiyayyar fata dab da ƙarzunar, nan zai riƙa ɗebowa. Sannan ka bi ƙarzunar da ɗan taɓi-taɓi, ba dogon ja ɗaya ba, kana sauya wurin ɗiba akai-akai. In ba ka sauya ba, za ka ga ɗigo iri ɗaya yana maimaita kansa a jere.

`Heal` yana gauraya abin da ya ɗebo da hasken wurin da ka taɓa, shi ya sa yake kyau a goshi, kunci da bango. Amma inda duhu ya haɗu da haske, kamar bakin hula ko gefen ido, sai ya bar dabbare kamar hayaƙi. A nan ka koma `Clone` ta danna `C`, wanda kwafa kawai yake yi. Ka ɗebo daga kan bakin hular da bai lalace ba, ka ɗora daidai kan layin. Ka guji `Despeckle` a fuska. Yana share ƙura da sauri, amma yana tafiya da gashin gira da ƙyallin ido, fata ta koma kamar roba. Ƙarzuna biyun nan da ƙananan ɗige-ɗige sun ci mini kusan awa uku. Lokaci-lokaci ka danna alamar ido da ke gefen fallen sama, ka kwatanta da na ƙasa, ka tabbata har yanzu mutumin nan ne.

Inda ya kamata a tsaya

Ƙasan hoton daga dama ruwa ya cinye, yatsun hannunsa sun tafi. Ban ƙirƙiro masa wasu ba, na yanke hoton daga ƙirji zuwa sama. Haka in ido ɗaya ya lalace, akwai masu kwafo ɗayan su juya shi su manna. Fuskar ɗan Adam ɓangarorinta biyu ba daidai suke ba, hasken ma daga gefe ɗaya yake zuwa, 'ya'yansa suna kallo za su ce ba shi ba ne. Gara tabo a fuskar gaskiya.

In ka gama, ka adana aikin a `XCF` don fallayen su zauna, sannan `File > Export As` ka fitar da `JPEG` a `Quality` 95 don mai wanki. Ka fara wanke ƙarami guda ɗaya ka gani, domin takarda ta fi allon kwamfuta duhu. Fayil ɗin asali da gyararren, a raba su gida uku a garuruwa daban-daban, misali ɗaya Maiduguri, ɗaya Kano, ɗaya Agege. A bayan wanda aka wanke kuma a rubuta da fensir sunan mamacin, sunan mahaifinsa, unguwarsa, da cewa gyararre ne, don jikokin da ke tasowa a kudu su san wanda suke kallo.