Goge Manhaja Ba Ya Tsayar da Cirar Kuɗin Wata-wata

Wani saƙon murya ya daɗe yana yawo a zaurukan WhatsApp, yana cewa bankuna sun fito da sabuwar dabarar tsakurar kuɗin jama'a, naira dubu ɗaya nan, dubu biyu can, wai don sun san ba wanda zai bar sana'arsa ya bi layi a kan wannan. Wasu kuma sun ce 'yan damfara ne suka samu lambobin katin mutane. Ba zan wanke bankuna ba, suna da nasu cajin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, damfara kuma tana nan. Amma idan cirar tana zuwa a rana guda kowane wata, kuɗin kusan ɗaya, kuma a cikin alat ɗin akwai GOOGLE* tare da wani suna, ko APPLE.COM/BILL, to mafi yawan lokaci mai asusun ne da kansa ya ba da izini, ko wanda ya riƙe wayarsa.

A ɗauka wani tela ne yake son gyara hotunan ɗinkinsa kafin ya ɗora a shafinsa. Ranar 3 ga Maris ya sauke wata manhajar gyaran hoto daga Play Store. Yana buɗewa ta tare shi da babban maɓalli mai launi, an rubuta Start free trial, gwajin kwana uku kyauta. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an ce bayan kwana ukun za a riƙa karɓar naira 2,500 duk wata. Ya danna, aka nemi kati, ya saka lambobin katinsa, banki ya turo masa lambar tabbatarwa, ya shigar. Tun da Google ya fara karɓar katin Verve a Najeriya a 2023, wannan mataki ya zama mai sauƙi ga mutane da yawa. Ya gyara hotonsa biyu, manhajar ba ta burge shi ba, washegari ya goge ta. Ranar 6 ga Maris aka cire 2,500. Ranar 6 ga Afrilu aka sake. In bai farga ba, shekara na zagayowa ya biya naira 30,000 a kan abin da ba ya cikin wayarsa.

Tambayar da telan zai yi ita ce wadda kowa ke yi: yaya aka cire ba a turo mini lamba ba? Ai lambar farko ce ta gama aikin. Da ita ya amince a ajiye katinsa, ya kuma amince a riƙa cira duk lokacin da wa'adi ya cika. Banki yana ganin buƙatar ta zo daga ɗan kasuwar da mai katin ya riga ya yarje wa, sai ya biya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane, har da masu ilimi, suka gamsu cewa goge manhaja ya kashe magana. Yarjejeniyar ba a cikin manhajar take ba, ba ma a cikin wayar take ba. Tana rubuce a asusun Google ɗinka, wato adireshin Gmail da aka buɗe wayar da shi. Kamar wanda ya kama hayar shago ne, ya kwashe kayansa ya sa kwaɗo ya tafi, bai ce wa mai shago ya tashi ba. Wata na ƙarewa kuɗin haya na kansa, ko ya kwana a ciki ko bai taka wurin ba. Shi ya sa ko wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko ka sayar ka sayi sabuwa, cirar ba ta tsayawa. Barin asusun banki ba kuɗi ma ba ya warware ta nan take, domin idan cirar ta ƙi shiga, ana sake gwadawa na wasu kwanaki ko makonni. Wannan ne ya sa wasu ke ganin albashi na sauka alat ɗin cira na biyo baya, sai su rantse wani ne a banki ke leƙen asusunsu.

Sokewa kuwa ba ta kai minti biyu ba. A wayar Android, buɗe Play Store, taɓa hotonka ko harafin sunanka da ke sama ta dama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Duk abin da kake biya ta hannun Google zai fito da farashinsa da ranar cira ta gaba. Zaɓi wanda ba ka so, danna Cancel subscription, ka bi har ƙarshe, domin a hanya za a tambaye ka dalili, wani lokaci a yi maka tayin dakatarwa na ɗan lokaci, wanda ba sokewa ba ne. Alamar an gama ita ce maimakon ranar cira ta gaba, sai ka ga ranar da damar amfani za ta ƙare, kuma saƙon tabbaci ya shigo imel. A iPhone, shiga Settings, taɓa sunanka, sannan Subscriptions. Apple na son a soke gwajin kyauta aƙalla awa 24 kafin ya ƙare.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a buɗe jerin a tarar ba komai, alhali ana ci gaba da cira. Dalili na farko, waya ɗaya na iya ɗauke da Gmail biyu ko uku, kuma kowanne da jerinsa, sai an duba su ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu matsalar ta fi haka, domin mutane da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar, ba su san kalmar sirrin ba, da suka canza waya aka buɗe musu sabo. Yarjejeniyar na can a tsohon, kuma sai an dawo da shi ta lambar wayar da aka haɗa da shi. Wani lokaci kuma katin naka ne amma asusun na ɗanka ne ko ƙaninka, wanda ka ba shi ya saka sau ɗaya. Rasitin Google yana zuwa imel ɗin da aka yi rajistar da shi, lambarsa tana farawa da GPA, don haka neman waɗannan haruffa a akwatin saƙo yana nuna asusun da ke da alhaki. Dalili na biyu, wasu manhajoji a shafinsu na intanet suke karɓar kati, ba ta Play Store ba. Irin waɗannan sunan kamfanin ne ke fitowa a alat, kuma a cikin asusunka na wurinsu ake sokewa. Idan kuwa daga kuɗin kira ake cira, ba daga banki ba, wannan aikin kamfanin layi ne, kuma *305# ce lambar da NCC ta ware don tsayar da irin waɗannan hidimomi.

Sokewa tana hana cira ta gaba, ba ta dawo da ta baya. Wanda ya farga cikin awa 48 da cirar yana iya neman Google ya mayar masa. Bayan haka sai dai ya roƙi masu manhajar, su kuma suna iya ƙi. Masu iPhone suna nema ta reportaproblem.apple.com. Idan ka bincika ka tabbatar ba kai ba ne, ba kuma wani na gidanka ba, Google na karɓar ƙorafin cira ba da izini ba cikin kwana 120, kuma a nan ne toshe kati ya zama dole. Abin takaici, a teburin ƙorafi na banki sau da yawa toshe katin ne amsar farko da ta ƙarshe. Mutum ya biya kuɗin sabon kati, ya koma gida bai san me ya ci kuɗinsa ba, in ya saka sabon katin a asusun Google ɗin kafin rajistar ta mutu, cirar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ma'aikacin da ya karanta alat ɗin ya ga GOOGLE* a ciki yana iya nuna masa inda zai danna kafin ya tashi daga kujera.