Yadda Nas Mai Tafiya Ƙaro Karatu Ke Tsara Wasiƙar Ajiye Aiki

A ɗauka wata nas ce a sashen masu haihuwa na asibitin gwamnati, ta yi shekara shida tana aiki, sai ga takardar samun gurbin digirin aikin jinya a Jami'ar Bayero ta Kano. Murna ba ta gama sauka ba sai tambaya ta taso: me za ta rubuta wa hukumar asibiti, kuma ta hannun wa?

Kafin ta ɗauki biro, gara ta lalubo takardar da aka ɗauke ta aiki da ita, domin a can aka faɗi tsawon notis. A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya wata ɗaya ne, ko kuma mutum ya biya albashin wata guda a madadinsa. Idan kuwa gwamnati ta taɓa ɗaukar nauyin karatunta bisa yarjejeniyar za ta yi mata aiki na wasu shekaru, sai ta cika su ko ta biya. Akwai kuma hutun ƙaro karatu, mai albashi da marar albashi, wanda ke bar wa mutum kujerarsa. Wadda ba ta nemi wannan ba tukuna ta yi gaggawa.

To, ta yanke shawarar tafiya. Wasiƙar shafi ɗaya ce tak, a buga ta da kwamfuta a kan farar takarda A4. Galibi da Turanci ake rubutawa, amma tsarin shi ne na wasiƙar hukuma da aka koya a sakandare. Adireshinta na zama a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa. A hagu, ƙasa kaɗan, sai muƙamin wanda ake rubuta wa da adireshin asibitin. Muƙami ake sawa, ba suna ba, don shugaba na iya canjawa amma fayil yana nan.

A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Wasiƙar ta shugaban asibiti ce, amma ba ta tsallake na gaba da ita. A ƙarƙashin adireshinsa za ta rubuta cewa ta biyo ta hannun shugabar sashen jinya, sannan ta hannun mai kula da ɗakin da take aiki. Kowace za ta sa hannu ta tura gaba, daga ƙasa zuwa sama. Wasiƙar da ta isa ofishin shugaba babu waɗannan hannuwa kan dawo inda ta fito, kwanaki kuma suna tafiya. Ba neman wahalarwa ba ne: mai kula da ɗaki ce ke tsara jadawalin diyuti, ita za ta nemo wadda za ta riƙe aikin dare.

Bayan gaisuwar girmamawa sai kan magana, layi guda da manyan baƙaƙe, mai nuna cewa sanarwar ajiye aiki ce.

Jimlar farko ita ce zuciyar wasiƙar. Idan ta miƙa ranar 1 ga Satumba, za ta ce tana sanar da ajiye aikinta na jami'ar jinya a sashen masu haihuwa, ta ba da notis na wata ɗaya, ranarta ta ƙarshe kuma ita ce 30 ga Satumba. Kalmomi irin su "nan ba da jimawa ba" ba su da gurbi, saboda da wannan ranar ce masu biyan albashi za su yi lissafi. Sakin layi na biyu ya faɗi dalili a taƙaice: ta samu gurbin karatu, za a fara a watan Oktoba. Na uku ya yi alkawarin miƙa abin da ke hannunta, kamar makullan kabad ɗin magani, rajistar ɗaki da katin shaidar aiki, sannan godiya ta layi ɗaya ko biyu.

Ƙorafi fa? Ko da shugabar sashe ta shekara tana gasa mata aya a hannu, wannan takarda ba wurinsa ba ce. Fayil za ta shiga, kuma ofishin nan ne za ta dawo wata rana neman shaidar kyakkyawan aiki.

A ƙasa sai kalmar rufewa ta ladabi, sa hannu da biro, cikakken suna, muƙami da lambar fayil. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya takan ƙara lambarta ta IPPIS. Ta haɗa da kwafin takardar gurbin karatun.

Ta buga kwafi biyu. A ofishin karɓar wasiƙu a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ta tafi da shi gida ta adana. Idan gardama ta taso kan ranar da notis ya fara, wannan hatimin ne shaidarta.