Gyaran Takardar Shaida: Yadda Ake Mayar da Yabo Hujja

Takardar shaidar da malami ko shugaban ma'aikata ke rubuta wa mai neman gurbin karatu, tallafi ko aiki, daftarinta na farko yakan fito cike da kalmomin yabo: haziƙi ne, mai ƙwazo, mai ladabi da biyayya, mai gaskiya da riƙon amana. Ba ƙarya aka yi ba. Matsalar ita ce kwamitin tantancewa yana karanta takardu masu yawa, kuma kusan kowacce haka take cewa. Hanyar gane irin wannan daftari mai sauƙi ce: a cire sunan wanda aka rubuta wa, a sa na wani ɗan ajinsu. Idan takardar ta zauna daram, to ba ta faɗi komai game da shi ba.

Gyaran yana farawa da jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar yabo. Sai marubucin ya tambayi kansa yaushe ya ga wannan hali da idonsa, a wane aiki, kuma me ya biyo baya. Kalmar da ba ta sami amsa ba sai a goge ta. Yawanci biyu ko uku ne ke tsira, kuma sun isa.

A ɗauki misalin malamin tsangayar aikin gona da ya duba binciken kammala digiri na wata ɗaliba, wadda yanzu take neman tallafin digiri na biyu. A daftari ya rubuta: "Ɗaliba ce mai himma da gaskiya, wadda ba ta wasa da aikinta." Da ya tambayi kansa inda ya ga gaskiyar, sai ya tuna wani abu, ya sake rubutawa: "Bincikenta ya kwatanta ɓarnar ƙwari a waken da aka adana cikin buhun da iska ba ta shiga da wanda aka zuba a buhu na yau da kullum. A mako na shida ta lura sikelin ɗakin gwaji yana ƙara nauyi. Ita da kanta ta zo ta sanar da ni, ta aro wani sikelin, ta sake auna duk samfuran, sannan ta bayyana kuskuren a rahotonta, ko da yake hakan ya rage girman bambancin da ta yi fatan samu."

Kalmar "gaskiya" ba ta cikin sabon rubutun, amma duk wanda ya karanta zai kai gare ta da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi yarda da shi. Akwai aiki takamaimai, akwai lokaci, akwai abin da ta rasa saboda zaɓin da ta yi. Wannan na ƙarshe shi ya fi nauyi, domin hali ba ya bayyana sosai sai inda aka biya masa farashi.

Bayan misali sai ma'auni. "Tana cikin waɗanda suka fi kowa" magana ce mara kan gado matuƙar ba a faɗi cikin su wa ba. Malamin zai iya cewa, cikin ɗalibai kusan arba'in da ya duba bincikensu a shekara takwas, tana cikin uku na farko wajen tsara gwaji. Dole adadin ya zama na gaskiya, kuma a taƙaita shi ga abin da aka gani. Wanda ya koyar da ita darasi ɗaya ba shi da hurumin yin shaida kan iya shugabancinta. Shi ya sa sakin layi na farko ya kamata ya faɗi tsawon lokacin sanayya da kuma ta wace fuska.

Akwai wani tarko da marubuci kan faɗa ba da saninsa ba. A 2003 Frances Trix da Carolyn Psenka sun wallafa nazarin takardun shaida fiye da 300 na masu neman aikin koyarwa a wata makarantar likitanci a Amurka. Sun gano cewa na mata sun fi gajarta, kuma an fi yabon su da ƙwazo da juriya, maza kuwa da bincike da nasara. Don haka idan daftari ya cika da "ladabi" da "haƙuri" bai ambaci abin da ɗalibar ta cim ma ba, yana buƙatar a sake duba shi.

Zuzutawa ma tana rage daraja. Kalmomi irin su "ba a taɓa yin kamarta ba" suna sa mai karatu ya fara shakkar sauran maganar. Ambaton rauni ɗaya na gaskiya tare da yadda aka magance shi, kamar cewa rubutunta na farko ya yi tsawo amma ta tsaftace shi bayan gyara biyu, yakan ƙara wa takardar ƙarfi.

Wani lokaci marubucin zai ja layi ya rasa misali ko ɗaya. A nan sai ya nemi ɗalibin ya kawo kwafin bincikensa, sakamakonsa da sanarwar tallafin, don ya tuna kuma ya zaɓi abin da ya dace da buƙatar masu bayarwa. In har yanzu babu abin da ya gani da idonsa, ya fi kyau ya gaya wa ɗalibin da wuri ya nemi malamin da ya fi saninsa, tun kafin wa'adin miƙa takardu ya ƙure.