Janaretar Gona: Ka Sayar da Ita, Riba Ka Ci ko Asara Ka Yi?

Idan mutum ya kwashe kifi ko ya sayar da kaji, lissafin da ya saba yi shi ne: nawa na sayi 'ya'yan, nawa abinci ya ci, nawa magani da man fetur da ladan yaro. Ya cire daga ciniki, abin da ya rage ya kira shi riba. Amma janaretar da ta yi wata shida tana jawo ruwa ba ta shiga lissafin ba, alhali ita ma ta ci kuɗi. Ba ranar aka biya su ba, shi ya sa ido ba ya ganinsu. Wannan zaizayewar da kayan aiki ke yi ita ce akantoci ke kira raguwar daraja, kuma hanya biyu aka fi bi wajen lissafa ta. Zan ɗauki janareta guda mu bi ta da ita ta hanyoyin biyu, tun daga ranar saye har ranar da aka rabu da ita.

Mu ƙaddara mai kiwon tarwaɗa ya sayi janareta Naira 750,000 don tayar da injin rijiyar burtsatse. Kuɗin mota da na mai haɗa waya sun ci 50,000. To kuɗin janaretar a littafi 800,000 ne, ba 750,000 ba, domin duk abin da aka kashe kafin inji ya fara aiki yana cikin farashinsa. Mai da sabis da za a riƙa yi daga baya ba sa ciki, waɗannan kashe-kashen yau da kullum ne. Ya yi kiyasin za ta yi masa shekara 5, kuma a ƙarshe ko 'yan gwangwan ne za su ba shi 100,000. Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa nasa.

Hanya ta farko ita ce rabo daidai. Ka cire abin da kake sa ran samu a ƙarshe daga kuɗin saye, ka raba sauran da yawan shekaru. Wato 800,000 a cire 100,000, saura 700,000, a raba gida 5, ya ba da 140,000. Kowace shekara 140,000 ke nan, babu ƙari babu ragi. Bayan shekara ɗaya darajarta a littafi 660,000, bayan biyu 520,000, bayan uku 380,000. Ko wanda bai je boko da nisa ba zai iya yinta da ka.

Hanya ta biyu ita ce cire kaso daga ragowa. A nan ba a raba komai da shekaru. Kaso ɗaya ake tsayarwa, a ce 30 cikin ɗari, kuma kowace shekara a cire shi daga abin da ya rage a littafi, ba daga kuɗin farko ba. Shekarar farko 30 cikin ɗari na 800,000 shi ne 240,000, saura 560,000. Shekara ta biyu daga 560,000 ɗin za a cire, ya ba da 168,000, saura 392,000. Ta uku 117,600, saura 274,400. In kana da kalkuleta a waya, abin ba wuya: ninka kuɗin da 0.7, abin da ya fito ka sake ninka shi da 0.7, haka kowace shekara.

Kuskure biyu nake yawan gani a wannan hanya ta biyu. Wasu su fara cire 100,000 ɗin 'yan gwangwan kafin su ɗauki kason, alhali a nan ba a cire shi, kason ne ake zaɓa yadda zai kai ka kusa da shi. In ka ci gaba da ninkawa har shekara 5 za ka tsaya a wajen 134,000, wanda bai yi nisa da kiyasin ba. Wasu kuma su riƙa cire 240,000 kowace shekara. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: in adadin bana ya yi daidai da na bara, to ba daga ragowa kake cirewa ba.

Yanzu ga inda maganar take. A ƙarshen shekara ta uku wutar sola ta shigo gonar, mai kifi ya sayar da janaretar. An saya 310,000, dillali ya karɓi la'adarsa 10,000, abin da ya shiga aljihu 300,000. Da wannan ake lissafi, ba da farashin da aka yi ciniki ba. Ƙa'idar ɗaya ce: kuɗin da ka karɓa, a cire darajar kayan a littafi ranar sayarwa. In akwai rara, riba ce. In bai kai ba, asara ce.

Wanda ya bi rabo daidai, littafinsa na cewa 380,000, ya karɓi 300,000, ya yi asarar 80,000. Wanda ya bi cire kaso daga ragowa, littafinsa na cewa 274,400, ya karɓi 300,000, ya ci ribar 25,600. Janareta ɗaya, mai saye ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wannan yana jimami, wancan yana murna.

To wa ya fi gaskiya? Mu haɗa mu gani. Na farko ya cire 140,000 sau uku, 420,000 ke nan, a ƙara asarar 80,000, ya zama 500,000. Na biyu ya cire 525,600 a shekaru ukun, a rage ribar 25,600, ya zama 500,000. Ba su bambanta ko da kwabo ba, kuma dole haka ta kasance, tun da 800,000 ya fita, 300,000 ya dawo. Abin da janaretar ta ci a shekara uku 500,000 ne, ko da wace hanya ka rubuta. Hanyar lissafi ba ta ƙara maka sisi, ba ta rage maka. Abin da take yi kawai shi ne ta zaɓi shekarar da za ta ɗora wa nauyin.

Shi ya sa ni ba na ɗaukar ribar 25,600 ɗin nan a matsayin ribar da za a yi walima a kanta. Ma'anarta ita ce an cire fiye da kima a shekarun baya, yanzu ana mayarwa. Ita ma asarar 80,000 ba ranar sayarwa aka yi ta ba. Ta nuna cewa shekara uku mai kifi yana ganin ribar da ta ɗara ta gaskiya da kimanin 27,000 a kowace shekara, mai yiwuwa ma ya riga ya cinye ta. In akwai abokin tarayya da ake raba riba da shi, a nan rigima ke tashi. Wanda ya fita a shekara ta biyu ya tafi da kasonsa cif, wanda ya zauna shi zai ɗauki asarar shi kaɗai. Ku tsayar da hanya ɗaya a rubuce tun ranar da kuka haɗa jari.

Bari mu kawo shi kan kilo, don a nan ne mai kiwo ke ji a jikinsa. A ce yana zubi biyu a shekara, kowane zubi yana ba shi kilo 1,000. Da rabo daidai, kowane zubi na ɗaukar 70,000, wato Naira 70 a kan kowane kilo, bana da baɗi duk ɗaya. Da ɗaya hanyar, shekarar farko Naira 120 ne a kilo, a shekara ta uku ya sauko wajen Naira 59. In tazarar da ke tsakanin kuɗin da ka kashe da farashin da 'yan sari ke ba ka ba ta da yawa, wannan Naira 70 ko 120 ɗin na iya zama ita ce ribar da kake taƙama da ita.

Wacce za a ɗauka? Ra'ayina, a duba yadda kayan ke tsufa. Janareta, injin jan ruwa, babur ko a-kori-kura na kai ƙwai kasuwa, waɗannan da zarar sun fito daga kwali sun zama na hannu, farashinsu ya faɗi warwas a shekarar farko. Kuma tsufansu na tafiya da kuɗin makaniki: shekarar farko canjin baƙin mai ne kawai, ta uku kuwa sai ringi da fistin, wataƙila koyil ya ƙone. Cire kaso daga ragowa ya dace da su, domin yana ɗora nauyi da fari lokacin da gyara ba shi da yawa, ya sassauta lokacin da gyaran ya taso. Amma ɗakin kaji, kejin masu ƙwai, tankin siminti, har da tamfol, aikin da suka yi bana shi za su yi baɗi, rabo daidai ya ishe su. Fili kuwa ba a cire masa komai. Su kansu kaji da kifin lissafinsu daban ne, kada a cusa su a nan. Babu laifi gona ɗaya ta yi amfani da hanyoyin biyu, kowane rukunin kaya da tasa. Abin da ba a yarda ba shi ne sauya hanya don kawai ribar bana ta yi kyau a ido.

Akwai abin da lissafin nan ba ya gani, kuma mu a Najeriya mun ɗanɗana shi. Tun da darajar Naira ta faɗi daga 2023, mutane da dama sun sayar da tsohon inji kusan kuɗin da suka saye shi, wasu ma fiye. Littafi zai rubuta riba mai tsoka, kuma lissafin daidai ne. Sai dai ka je kasuwa neman sabo irinsa ka ga kuɗin da ke hannunka bai kai ba. Raguwar daraja a kan farashin jiya ake yinta, kuma rubutu ne kawai, ba kuɗi ba ne a ajiye. Wanda ya rubuta 140,000 amma bai ware ko sisi ba, ranar da janareta ta tsaya cak da kifi dubu a ruwa, littafin ba zai jawo masa ruwa ba. Ni dai shawarata, a ware kuɗin a zahiri bayan kowane zubi, kuma a auna shi da farashin sabo na yau.

Abu biyu kuma game da ranar rabuwa. In a tsakiyar shekara aka sayar, a lissafa watannin kafin a fitar da riba ko asara. Da janaretar nan ta ƙara wata 6 a shekara ta huɗu, mai rabo daidai zai ƙara cire 70,000, darajarta ta koma 310,000, asarar ta sauko 10,000 in farashin bai sauya ba. In kuma musaya aka yi, ka ba da tsohuwa aka rage maka kuɗin sabuwa, ragin da aka yi maka shi ne kuɗin sayarwa. Sabuwar a rubuta ta da cikakken farashinta, ba da cikon da ka biya ba. In kuwa ƙonewa ta yi ƙurmus ba ta sayu ba, duk abin da ya rage a littafi asarar wannan shekarar ce, sai ɗan abin da mai gwangwan ya auna ya ba ka.