Yadda Ake Zana Alƙaluma Ba Tare da An Ruɗa Mai Karatu Ba

A watan Maris na shekarar 2006 aka yi ƙidayar jama'a a Najeriya, kuma sakamakon ƙarshe da gwamnati ta wallafa a 2009 ya nuna mutum miliyan 140.4 a faɗin ƙasar. A jihohin Arewa maso Yamma guda bakwai, Kano na da miliyan 9.4, Kaduna 6.1, Katsina 5.8, Jigawa 4.4, Sakkwato 3.7, sai Zamfara da Kebbi kowacce kusan 3.3. Duk wanda ya karanta wannan jerin ya kai ƙarshe, da wuya a ce bai manta farkonsa ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe lambobi bakwai a lokaci guda tana gwada su. Ido kuwa da kallo ɗaya yake gane dogo da gajere. Wannan shi ne aikin zanen alƙaluma: ya mayar da lamba tsawo, ido ya yi awo.

Sai dai zanen da ke taimakon ido, shi ne kuma ke iya yaudararsa. Don haka bari mu ɗauki waɗannan jihohi bakwai mu bi aikin daki-daki, daga zaɓen zane har zuwa rubuta inda aka samo alƙaluman.

Tambaya ce ke zaɓen zane

Kafin mutum ya taɓa kwamfuta, ya fara rubuta abin da yake son faɗa cikin jimla ɗaya. A nan jimlarmu ita ce: Kano ta fi kowace jiha a yankin jama'a, kuma ta kusa ninka Kebbi sau uku. Wannan magana ce ta gwada girma tsakanin abubuwa mabambanta, kuma zanen sanduna ne ya dace da ita. Kowace jiha a ba ta sanda ɗaya, tsawon sandar ya zama yawan mutanenta. Wani ɗan Sukotlan mai suna William Playfair ne ya fito da wannan salo a littafinsa na 1786, inda ya nuna cinikin ƙasarsa da sauran ƙasashe, kuma har yau ba a sami abin da ya fi shi sauƙin karantawa ba.

Mutane da yawa sun fi sha'awar da'irar nan da ake yankawa kashi-kashi, don tana da kyan gani. Mu gwada ta a nan. Jimillar jama'ar jihohin bakwai miliyan 35.9 ce. Kaduna za ta ɗauki kashi 17 cikin ɗari na da'irar, Katsina kashi 16. Yanka biyu ke nan masu kusan girma ɗaya, kowane yana fuskantar wani gefe dabam, kuma mai karatu ba zai iya faɗin wanda ya fi ba sai ya nemi lambar da aka rubuta a jiki. Alhali tsakanin jihohin biyu akwai mutum fiye da dubu 300. A zanen sanduna, inda duk sandunan suka tashi daga layi ɗaya, wannan tazarar a fili take. Da'ira tana da amfani idan kashin biyu ne ko uku, kamar maza da mata, amma da an kai bakwai ta zama ado kawai.

Zanen layi kuma na lokaci ne. Idan aka ja layi daga Kano zuwa Kaduna zuwa Katsina, an nuna kamar wani abu ne ke sauka a hankali, alhali ba abin da ke tsakanin jiha da jiha. Inda layi ke da gurbi shi ne in ana son nuna yadda jama'ar Najeriya ta ƙaru: miliyan 55.7 a 1963, kusan miliyan 89 a 1991, miliyan 140.4 a 2006. A nan ma akwai tarko. Daga 1963 zuwa 1991 shekara 28 ce, daga 1991 zuwa 2006 kuwa shekara 15. Idan aka jera shekarun uku da tazara iri ɗaya, an ɓoye yadda layin ya ƙara miƙewa sama a zangon na biyu. Dole tazarar da ke kan takarda ta bi tazarar shekaru.

Sanda daga sifili take tashi

Mun zaɓi sanduna. A kwantar da su, sunayen jihohi a hagu, domin suna kamar Sakkwato ko Zamfara ya fi karantuwa a kwance, musamman a fuskar waya. A jera su daga babba zuwa ƙarami, Kano a sama, Kebbi a ƙasa. Jerin abjadi yana taimakon mai neman suna, amma mai son sanin wa ya fi wa sai ya yi ta hawa da sauka da ido.

Babban abin kiyayewa shi ne inda ma'auni ya fara. A ce sandar Kano santimita 10 ce. Idan an fara daga sifili, ta Kebbi za ta zama santimita 3.5, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma haka gaskiyar take. To, a ce wani ya ga babu jihar da ta gaza miliyan 3, sai ya fara ma'auninsa daga miliyan 3 don kada ya ɓata fili. Yanzu abin da ya rage wa Kano miliyan 6.4 ne, Kebbi kuma ɗan abin da bai kai dubu 260 ba. Sandar Kano na nan a santimita 10, ta Kebbi ta koma milimita 4. Ido zai ce Kano ta ninka Kebbi sau 25. Ba a canza lamba ko ɗaya ba, amma an yi wa mai karatu ƙarya. Kamar a tsayar da mutum biyu a bayan katanga ne, a ce a gwada tsawonsu da abin da ya leƙo kawai.

Wani lokaci ba da gangan ake yin haka ba, manhaja ce ke yanke ma'aunin da kanta idan lambobin sun yi kusa da juna. A Excel, a danna ma'aunin da maɓallin dama, a zaɓi `Format Axis`, a duba `Minimum`, a tabbatar 0 ne. Excel kuma yakan kifar da jerin sandunan kwance, na farko ya koma ƙasa. A gyara wannan da `Categories in reverse order` a ɓangaren sunayen. Mai karatu shi ma yana da hanyar kama wannan laifi: ya duba lambar farko a gindin sandunan. In ba sifili ba ce, kada ya yarda da tsawon da ya gani.

Rubutun da ke jikin zane

Take shi ne abin da ake fara karantawa, don haka ya faɗi sakamako. "Yawan jama'a" bai ce komai ba. "Kano ta kusa ninka Kebbi sau uku a yawan jama'a" ya ba mai karatu abin da zai nema a zanen. A ƙarƙashinsa, da ƙananan haruffa, a amsa tambayoyi uku: me aka auna, da wane ma'auni, kuma yaushe. Misali: "Yawan jama'a a miliyoyi, jihohin Arewa maso Yamma, ƙidayar 2006."

A rubuta lambar kowace jiha a bakin sandarta, 9.4 ko 6.1, ba 9,401,288 ba, domin dogayen lambobi cunkushe zane suke yi. In an yi haka, layukan ma'auni da ke ratsa bayan zanen ba su da sauran aiki, a cire su. Zamfara da Kebbi duka za su fito 3.3, kuma ba laifi. In bambancinsu ne abin magana, sai a rubuta 3.28 da 3.26, sauran jihohin ma a ba su lamba biyu bayan ɗigo.

Launi ɗaya ya isa. Sanduna bakwai da launi bakwai na sa mutum neman ma'anar da babu ita. A yi wa Kano da Kebbi launi mai duhu tunda su take ya ambata, sauran a bar su toka-toka. A guji dogaro da ja da kore, don akwai masu idon da ba ya bambance su, kuma in an buga a takarda baƙi da fari sukan zama abu ɗaya.

Daga ina aka samo?

Layin ƙarshe a ƙasan zane shi ne shaidarsa. "Daga intanet" ba majiya ba ce, haka ma sunan shafin da ya kwafo daga wani shafin. A bi sawu har zuwa wanda ya tattara alƙaluman, a rubuta sunansa, da sunan aikin, da shekara: "Majiya: Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ƙidayar jama'a da gidaje ta 2006, sakamakon ƙarshe na 2009."

Kalmomin "sakamakon ƙarshe" ba ƙawa ba ce. An fara fitar da sakamakon wucin gadi a farkon 2007, wanda ya ce miliyan 140.0, ya ba Kano miliyan 9.38. Duka biyun suna yawo har yau, kuma wanda ya ɗauko Kano daga wannan, Kaduna daga wancan, ya haɗa abin da ba ya haɗuwa. Haka nan a bambance ƙidaya da ƙiyasi. Lambobin da ake bayarwa na shekarun bayan 2006, kamar na 2016, lissafi ne da aka ɗora a kan waccan ƙidayar, ba a bi gida-gida an ƙirga ba, don haka a rubuta "ƙiyasi" ɓaro-ɓaro. In marubuci ya yi nasa lissafin, kamar kashi 17 da muka fitar wa Kaduna, ya ƙara da cewa lissafinsa ne daga alƙaluman hukumar, don in an sami kuskure a san mai shi.

Akwai kuma abin da majiya kaɗai ba ta faɗa, sai an ƙara ɗan bayani. Wanda ya gwada Sakkwato ta ƙidayar 1991 da ta 2006 yana gwada ƙasa biyu ne mabambanta, domin a 1996 aka cire Zamfara daga cikinta. Layi ɗaya a ƙasan zane ya isa ya hana mai karatu yanke hukuncin da ba daidai ba. Sannan an san Jihar Legas ta ƙi amincewa da adadin da aka ba ta a 2006. Ambaton majiya bai nufin marubuci ya rantse a kan lambobin. Yana nufin ya nuna wa mai jayayya ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Duk wannan rubutu, take da ma'auni da majiya, a sa shi cikin hoton kansa. Zane yakan rabu da labarinsa da zarar an ɗauki hotonsa an tura a WhatsApp, kuma abin da ke jikinsa kaɗai ke bin sa. Kafin a sake shi, a buɗe shi a waya, a miƙa wa wanda bai karanta labarin ba, a tambaye shi: me zanen ke cewa, na wace shekara ne, wa ya ƙirga? In ya amsa ukun ba tare da an buɗe masa baki ba, zanen ya gama. In ya yi tuntuɓe a ɗaya, to nan ne wurin gyara.