Takardar da Baba Maigadi Ya Haddace

Wasiƙar farko da na rubuta wa makarantar 'yata Auta layi uku ce, da Turanci, don a san ni ma na yi boko. Na ce yarinyar tana da asma, ina roƙon a kula da ita. Hedimasta ya karɓa da fara'a, ya buga mata hatimi, ya zura ta a fayil. Inhelar da na haɗa da ita kuwa ya saka a durowar tebur, ya murɗa makulli, wai kada yara su yi wasa da magani. Na fito ina jin na sauke nauyi.

Da muka koma asibiti ganin likita, na ba wata tsohuwar nas labarin wasiƙar, ina jiran yabo. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ranar da abin zai tashi, hedimasta yana taro a ofishin ilimi da makullin a aljihunsa. Wa zai karanta fayil?" Ta yage takarda daga littafinta, muka zauna a benci muka sake rubutawa, da Hausa, shafi ɗaya tak.

Abin da muka fara sawa shi ne abubuwan da ke tayar wa Auta ciwon, ita kanta, ba na kowane mai asma ba. Ƙurar hunturu, musamman ta shara da sassafe. Ƙurar alli idan ana goge allo, don haka kada a zaunar da ita a layin gaba, kada kuma a miƙa mata dasta. Hayaƙin bola da ake ƙonawa a bayan katanga, da na janareta. Mura, wadda takan sauka ƙirjinta bayan kwana biyu. Sai guje-guje cikin sanyi. A nan na so in rubuta cewa a hana ta wasa kwata-kwata, nas ta riƙe biro ta ce a'a. Yarinya ta yi wasanta, sai dai a ba ta fesa 2 kamar minti 15 kafin a fita fili, kamar yadda likitanta ya tsara.

Sai magani. Auta tana da inhela biyu, kuma rikita su kuskure ne mai tsada. Mai ruwan ƙasa, wato bekilometason, ta rigakafi ce, safe da dare a gida, ba ta buɗe ƙirjin da ya riga ya toshe, saboda haka ba ma kai ta makaranta. Shuɗiyar, salbutamol, wadda aka fi sani da Bentolin, ita ce ta gaggawa. Tana sassauta tsokokin da suka matse hanyoyin iska cikin 'yan mintuna. Muka rubuta cewa shuɗiyar ta zauna a jakar yarinyar, ba a ofis ba. Muka rubuta yadda ake ba da ita: a zaunar da Auta a miƙe, kada a kwantar da ita, a girgiza inhelar, a soka ta a gindin robar nan da ake kira sifesa, a fesa sau ɗaya, ta ja numfashi biyar ta cikin robar, a dakata rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake girgizawa, a sake fesa ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 10 idan ba ta sake ba. Amfanin robar shi ne yaron da ke haki ba ya iya daidaita matsawa da shaƙa, sai maganin ya ƙare a kan harshe. A cikin roba kuwa yakan tsaya ya jira numfashin. Muka ƙara da cewa idan hannunta ya kama rawa ko zuciyarta ta yi saurin bugawa bayan maganin, aikinsa ne, zai wuce, kada a tsorata a daina.

Ƙarshen shafin shi ne maganar kira. Idan fesa 2 ta wadatar, ta koma karatu, ba sai an kira mu ba, a dai rubuta a littafinta mu gani da yamma. Idan ta sake neman maganin kafin awa 4 ta cika, a kira mu mu zo mu ɗauke ta, domin ƙarfin maganin ya kamata ya kai hakan. Idan kuwa ba ta iya ƙarasa magana sai kalma-kalma, ko fatar tsakanin haƙarƙarinta da ramin wuyanta suna lotsawa duk jan numfashi, ko cikin leɓenta ya koma toka-toka, ko ta fara lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, to a kama hanyar asibiti, ana ba ta maganin a hanya, a kira mu daga cikin mota. Nas ta karɓi biron ta ƙara layi ɗaya da hannunta, ta ja masa layi a ƙasa: idan kukan ƙirjin ya ɗauke alhali tana ci gaba da wahala, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa.

Na yi kwafi uku, ɗaya ga hedimasta, ɗaya ga malamar aji, ɗaya a jakar Auta. Da zan fita sai Baba maigadi, dattijon da ya kai shekara saba'in, ya tare ni a bakin get. Ya ce, "Malam, wace takarda ce kake ta rabo ba a ba mu?" Na yi dariya na ce ta ciwon jikarsa ce. Ya ce ai shi ne ke nan tun kafin malamai su zo, shi ne kuma na ƙarshen tashi. Baba ba ya karanta boko. Ya sa na karanta masa a hankali, yana rubutawa da ajami a bayan wata tsohuwar kalanda, yana tsayar da ni yana tambaya. Gaskiya a ranar na ɗauka neman na goro ne kawai. Duk da haka, kashegari na kawo masa shuɗiyar inhela sabuwa. Sifesa tana da tsada, sai na yi masa irin wadda nas ta koya mini: gorar lemo ta roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin inhela, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa. Ba dabarar talauci ba ce kawai. Likitocin yara a Cape Town sun gwada ta, suka buga sakamakon a 1999, kuma ta yi aiki kusan daidai da ta kanti. Baba ya naɗe su a leda ya rataye a ƙusa, kusa da buzunsa.

Wata biyar ba abin da ya faru. Sai wata Talata a cikin Janairu, hazo ya rufe Kano, ba ka hango ƙarshen layi. Mun makara saboda babur ya ƙi tashi. Malamar ajinsu tana hutun haihuwa, wanda ke kan aikin makararru kuwa wani saurayi ne ɗan bautar ƙasa da bai yi mako uku a makarantar ba, bai taɓa ganin takardata ba. Ya miƙa wa makararru tsintsiya, har da Auta, ya ce su share fili. Ita kuwa yarinya ce mai kunya, shekararta takwas, ba za ta iya ce wa malami a'a ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin mutum uku na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta fara tari, ƙirjin ya kama kuka kamar na 'yar kyanwa. Wata malama ta tuna akwai magani a jaka, ta ciro, ta fesa mata a baki sau biyu, sau huɗu, ba canji. Aka ɗauke ta zuwa ɗakin malamai aka kwantar da ita a kan benci, wata ta kawo man zafi tana shafa mata a ƙirji, wani ya kawo ruwa. Can sai kukan ya yi ƙasa, ya ɗauke. Malamar ta ce, "Alhamdu lillahi, ya lafa, a bar ta ta yi barci."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa da ledarsa a hannu. Mutum ne da bai taɓa shiga ɗakin malamai ba sai an kira shi. Ya ce, "Malama, ki gafarce ni, a ɗaga yarinyar nan." Aka ce masa ta samu sauƙi. Ya tsuguna ya ce, "Auta, faɗa mini sunan babanki." Ta buɗe baki, rabin sunan ya fito, sauran ya maƙale. Ya ja leɓenta na ƙasa ya duba. Ya ce, "Takarda ta ce shirun nan ba sauƙi ba ne." Ya zaunar da ita ya jingina ta da gwiwarsa, ya girgiza tasa inhelar, ya soka a gora, ya fesa ɗaya, yana ƙirga mata numfashi a bayyane kamar mai jan carbi. Ya tura ɗan bautar ƙasar ya tsayar da adaidaita sahu. A fesa ta shida kukan ƙirjin ya dawo, malamar ta fashe da salati wai abin ya sake tashi. Baba ya ce, "Iska ce ta samu hanya," ya ci gaba har goma. Suna cikin adaidaita ya ce a kira ni. Ya haddace lambata tare da sauran takardar.

Na tarar da ita a sashen gaggawa na yara, an sa mata oksijin, ana ba ta maganin ta na'urar tururi. Aka ba ta ƙwayar firednisolon ta kwana 3, muka kwana biyu a asibiti. Likitan ya tambayi wanda ya ba ta taimakon farko, na nuna masa Baba yana zaune a ƙasa a baranda, hularsa a gwiwa. Likitan ya je har wurinsa ya ba shi hannu.

Saura laifina, wanda ban gano ba sai a daren. Likita ya karɓi inhelar jakar Auta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya tambaye ni yaushe aka fara amfani da ita. Na kasa faɗa. Gwangwanin nan fesa 200 ne a cikinsa, kowace tana ɗauke da maikirogiram 100 na magani, kuma irin wanda muke saya ba shi da lambar da ke nuna abin da ya rage. Idan maganin ya ƙare, iskar da ke tura shi takan ci gaba da fita, ka ji "fss", ka ga farin hayaƙi, ka ɗauka magani ne. Abin da malamar ta yi ta fesa wa 'yata ke nan. Na rubuta shafi guda cur a kan inhelar, ban taɓa tunanin in duba ko da abu a cikinta ba.

Ban yi faɗa da ɗan bautar ƙasar ba, ko da yake na shiga makarantar da niyyar yi. Ba wanda ya nuna masa takardar, kuma ni ma ban nemi a riƙa nuna wa sabon malami ba. Yanzu na ƙara wannan a wasiƙar, ina kuma sabunta ta duk farkon zango, in tsaya a karanta ta a gabana a ɗakin malamai. An manna kwafi a bayan ƙofar ajinsu. Kowace sabuwar inhela ina rubuta ranar buɗe ta a jiki, uwarta tana ƙirga fesawar a bangon littafi, idan ta doshi 180 mu sayi wata. An cire Auta daga shara, an mai da ita mai rubuta sunayen masu surutu, aikin da ya fi dacewa da halinta.

Baba ya bar aikin gadi bara, gwiwa ta hana shi tsayuwa. Ranar da zai tafi ya damƙa ledar da bayan kalandar ga wanda ya gaje shi, bai tashi daga bakin get ba sai da sabon ya biya masa ita sau biyu da ka.