Farfaɗo da inshorar rai bayan zubi ya tsaya

Daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 zuwa cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, abin da mai shago ya fara ajiyewa gefe shi ne duk wani biyan da babu mai tsaya masa a ƙofa a kansa. Zubin inshorar rai yana cikin irin waɗannan. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ejan ɗin da ke zagayowa ya daina zuwa, sai takardar ta koma ƙasan akwati. Da kasuwa ta ɗan buɗe, mutum yakan ɗauka abin kamar adashe ne: ka kawo na watannin da ka tsallake, a ci gaba da kai. A nan ne ake yin asara, domin inshorar da ta mutu ba kuɗi kaɗai ke tayar da ita ba. Roƙo ne kake kai wa kamfani, yana da ikon karɓa, yana da ikon gindaya sharaɗi, yana kuma da ikon ƙi.

Tushen abin yana cikin doka. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya sa biyan kuɗi ya zama sharaɗin samun kariya, kuma hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta tsananta aiki da shi daga 1 ga Janairu 2013. A watan Agusta 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin waccan, amma ƙa'idar tana nan: babu biya, babu kariya. Sassaucin da ake samu shi ne kwanakin alfarma da ke rubuce a takardar yarjejeniya, galibi kwana 30 daga ranar da zubi ya wajaba. Wanda ya rasu cikin waɗannan kwanaki ana biyan iyalinsa, a cire zubin da ake binsa. Bayan sun ƙare, kariya ta tsaya.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don a ga yadda lissafin ke tafiya. Wani mai sayar da atamfa a kasuwar Wunti da ke Bauchi ya shiga inshorar rai mai haɗe da tanadi a Janairu 2022, ta shekara 15, a kan naira miliyan 3, yana zuba naira 15,000 duk wata. Ya biya wata 20, wato naira 300,000, ya tsaya daga Satumba 2023. A farkon Yuli 2024 ya ga hali ya samu.

Kafin ya rubuta ko kalma ɗaya, sai ya ciro takardar yarjejeniyar ya nemi abu biyu. Na farko, wa'adin farfaɗowa: wasu takardun shekara ɗaya suke bayarwa, wasu biyu, wasu fiye, ana ƙirgawa daga ranar zubin farko da aka tsallake. Na biyu, ko inshorar ta kai matsayin da za ta iya mayar da wani abu idan aka fasa. Yawanci sai an yi zubin shekara biyu ko uku cur. Wanda ya kai nan, inshorarsa ba ta cika mutuwa murus ba. Akan rage adadin kariyar daidai da abin da ya biya, ko a riƙa ciro zubin daga tanadinsa a matsayin rance har ya ƙare. Mutuminmu wata huɗu suka rage masa ya cika shekara biyu. Idan takardarsa ta ce shekara biyu, to juya baya yana nufin naira 300,000 ta tafi ke nan.

Wasiƙar gajeriya ce, da Turanci akan rubuta ta, zuwa ga shugaban sashen inshorar rai na kamfanin. A samanta a sa Reinstatement tare da lambar inshorar. A ciki ya faɗi cikakken sunansa kamar yadda yake a takardar, da watan da ya yi zubin ƙarshe, da dalilin tsayawa a jimla ɗaya, ba sai da dogon ban-haƙuri ba. Sannan ya nemi a rubuto masa abin da ake binsa wata-wata, da kuɗin ruwan da aka ɗora da yadda aka lissafa shi, da fom ɗin bayanin lafiya, da ranar da wannan lissafi zai daina aiki. Ya haɗa hoton rasit ɗinsa na ƙarshe da na katin shaida, ya sa lambar wayar da yake amfani da ita yanzu. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan nasa. Idan kamfanin ba shi da reshe a Bauchi, ya aika ta hanyar da ake sa hannu a karɓa, ko ta imel ɗin kamfanin. Ban ga hikimar miƙa wa ejan wasiƙa da kuɗi a hannu ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Ejan ba shi da ikon cewa an karɓa, kuma kuɗi asusun kamfani ya kamata su shiga, da lambar inshorar a jikin biyan.

Lissafin ba shi da wuya. Daga Satumba zuwa Yuni wata 10 ne, naira 150,000. A ce kamfanin yana ɗora kashi 1 cikin 100 a wata, wato naira 150 a kan kowane zubi. Na Satumba ya yi wata 10 a makare, na Oktoba 9, haka har zuwa na Yuni da ya yi wata ɗaya. Jimilla 55, sau 150, naira 8,250. Ga kuma na Yuli da ya riga ya shigo. Duka naira 173,250. Mutane sukan tambaya, don me zan biya watannin da ba a kare ni ba? Amsar ita ce tanadin da za a biya a ƙarshen shekara 15 an gina shi ne a kan zubi 180, kowanne a lokacinsa, kuma a kan shekarunsa na ranar shiga aka yanka masa farashi. Wanda kuɗin ruwa ya tsaya wa a rai, kuma da yawa a Bauchi haka suke, ya tambaya ko za a yafe, domin kamfanoni kan yi rangwame lokaci-lokaci don dawo da waɗanda suka yanke. Masu takaful kuwa, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, tsarinsu ba na ruwa ba ne, amma tambayar lafiya tana nan a can ma.

Fom ɗin lafiyar shi ne gundarin maganar. Kamfani ya san cewa cikin masu dawowa da gudu akwai waɗanda likita ya faɗa wa labari marar daɗi, shi ya sa yake tambaya: tun daga ranar da ka shiga, ko ka kwanta asibiti, ko an yi maka aiki, ko kana shan wani magani kullum, ko ka rame ba dalili, ko ka sauya sana'a, ko wani kamfani ya ƙi ka. A ce a watan Maris mutuminmu ya je Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ciwon kai, aka auna aka ce hawan jini ne, aka ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Yanzu garau yake jin kansa, yana ɗaga dilar atamfa da kansa. Wani zai ce masa, «Alhaji, sa a'a kawai mu wuce, wa zai bincika?»

Akwai mai bincikawa, sai dai ba yau ba. Ranar da iyali suka zo neman haƙƙi ne kamfani zai nemi takardar shaidar rasuwa da rahoton likitan da ya duba mamacin. A wajenmu da ake kai mutum makwanci cikin sa'o'i kaɗan, fayil ɗin asibiti ne shaidar da ta rage, kuma a cikinsa akwai kwanan watan da aka fara ba shi maganin. Idan Maris ya riga Yuli, an ɓoye gaskiya ke nan, kuma yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya dukanta take tsaye. Kamfani zai iya soke farfaɗowar. Mai a'a ɗin ba ya nan, matarsa da 'ya'yansa ne za su ji amsar. Saboda haka ya cika fom ɗin da hannunsa, ko a karanta masa tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kada ya sa hannu a kan fom marar rubutu. Ya rubuta sunan maganin da watan da ya fara da asibitin. Awon da ke nuna jinin ya daidaita, shi ma ya haɗa, domin hawan jinin da ake kula da shi ba ɗaya yake da wanda aka yi watsi da shi ba a idon mai tantancewa.

Idan tsayawar 'yan watanni ce kuma amsoshin duka lafiya lau, fom ɗin kan wadatar. Idan ta daɗe, ko kuɗin kariyar na da yawa, ko shekaru sun ja, ko an amsa e a wani wuri, sai a tura mutum wajen likitan da kamfani ya zaɓa: awon jini da fitsari, sukari, wani lokaci awon zuciya. A wannan karon mai inshorar ne yakan biya kuɗin awon.

Amsar da mutuminmu ya fi tsammani ita ce karɓa tare da ƙarin zubi. A ce an mayar da shi naira 16,500. Wata 150 suka rage, ƙarin ya kama naira 225,000, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma sabuwar inshora ma sai ta yi masa wannan tambaya ta ɗora wannan ƙari, a kan shekarun da suka ƙaru, ga 300,000 ɗinsa ta salwanta. Wani lokaci maimakon ƙari akan rage abin da za a biya idan rasuwa ta zo a shekarun farko, ko a cire ƙarin kariya ta naƙasa ko ta manyan cututtuka, ko a ce ya dawo bayan wata shida a sake aunawa. Ya kuma duba wasiƙar karɓar da kyau, don sau da yawa wa'adin da kamfani ke da shi na tuhumar bayanan da aka ba shi yakan fara sabon ƙirge daga ranar farfaɗowa, kuma duk abin da ya auku lokacin da inshorar ke mace ba ya cikin kariya.

Tsakanin biya da amsa akwai rata mai haɗari. Shigar kuɗi asusun kamfani da saƙon banki a waya ba karɓa ba ne. Ajiya ce, ana mayarwa idan an ƙi. Kariya tana dawowa ne a ranar da kamfani ya rubuta cewa ta dawo. Idan lafiyarsa ta sauya a wannan tsakanin, wajibi ne ya sanar kafin amsar ta fito. In makonni suka shuɗe shiru, ya sake rubutawa yana ambaton kwanan watan hatimin farko. In an riƙe kuɗin, ba karɓa ba mayarwa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi a hedkwatarta da ke Abuja, kuma abin da zai kai musu shi ne kwafin wasiƙar mai hatimi da rasit ɗin biyan.